Ka kashe tallar rediyo saboda Meta ta yabi kanta?

Wallahi tun jiya maganar wani bawan Allah mai atamfa take cin raina. Wai ya dakatar da tallar rediyo, ya ƙara kuɗin a ta Instagram, har yana ɗora mana hoton Ads Manager, shafin lissafin talla na Meta mai Instagram, a sitatus, ROAS 4.5, wato kowace naira ɗaya ta talla ta kawo cinikin naira huɗu da rabi, ana ta masa sambarka. Toh sannu gwani.

Waye ya rubuta 4.5 ɗin? Meta. Waye ya karɓi kuɗin tallar? Meta. Ɗan kasuwa da wayonsa ya bar mai sayar masa da kaya ya riƙe mudu.

Mu bi lissafin da shi kansa ya bayar. Ya zuba dubu 200, an ce masa ya yi cinikin dubu 900. Ribarsa a atamfa kashi 20 ce cikin ɗari, kenan dubu 180 ce ta shigo, ya biya dubu 200 kafin ya same ta, asarar dubu 20 yake wa murna. Mai cin kashi 20 sai naira ɗaya ta talla ta kawo cinikin naira biyar kafin ma ya tashi ba ci ba asara. Ciniki daban, riba daban.

Kuma ko dubu 900 ɗin ba duka Instagram ce ta kawo ba. Yadda Meta ta saba ƙirgawa, wanda ya danna talla ya saya cikin kwana 7, ko ya gan ta kawai ya saya cikin kwana 1, nata ne. Hajiyar da ta ji sunan shagonka a rediyo tana girki, ta sa 'yarta ta nemo ka a waya, in 'yar ta ci karo da tallarka, ita ma Instagram za ta ce ita ta kawo ta. Rediyo ba ta da allon da za ta kare kanta, shi ya sa kullum ita ake fara yankawa.

Wani zai ce ai zamani ya wuce rediyo. Naji, je ka faɗa wa direbobin tasha.

Tsakani da Allah in kana son sanin wacce za ka fara yankewa, kashe ta ka gani. Tsayar da ta Instagram a Kaduna sati huɗu, ka bar ta Kano tana tafiya, ka duba littafin ciniki ba allon waya ba, amma kar ka yi dab da sallah don lokacin ko ba talla atamfa fita take. Rediyo kuma ka ware mata lambar waya tata. Wacce ka kashe ciniki bai motsa ba, ita ce ta farko. eBay, kamfanin saye da sayarwa a intanet, sun gwada a 2012, suka daina biyan tallar da ke fitowa in an nemi sunansu a Yahoo da MSN, kusan duk mutanen suka ci gaba da zuwa kyauta.