Fetur ne ke cinye ribar mai askin ƙauye

A nan Agege, idan ka ji mai aski yana kukan kasuwa, to maganar haya yake yi. Wanda ke yi mini aski naira 1,500 yake karɓa kan kai ɗaya, amma sai ya zube kuɗin shago na shekara a dunƙule, ga na dillali a kai. Shi ya sa mu da ke kudu muke ɗauka cewa mai askin gida yana cikin sauƙi tunda haya ba ta da tsada. Ni dai ban yarda da wannan ba, kuma lissafin ɗan ƙanwata da ke aski a wani ƙauye kusa da Gumel ne hujjata.

Babba 300 zuwa 400 yake biya, yaro 200, a dunƙule dai a ce 300. A ranakun da ba kowa yana samun kai 10. Alhamis, da mutane ke dawowa daga kasuwar Maigatari da ɗan kuɗi a aljihu, da kuma safiyar Juma'a, yana kai 20. Kwana 22 sau 10, a haɗa da kwana 8 sau 20, kai 380 ke nan, wato 114,000 a wata. Sai ka cire kamar 10,000 na waɗanda ba a iya miƙa wa hannu: kawu, limamin unguwa, da abokin da ke cewa “sai an yi girbi”. Saura 104,000.

Hayar shagon 36,000 ce a shekara, 3,000 a wata, askin wuni ɗaya ya biya ta. Washin kilifa, man da ake ɗiga mata, reza, sifirit da hoda ba sa wuce 6,000.

Janareta ne maganar. Irin ƙaramin nan ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kuma yana shan wajen rabin lita a awa ko da kilifa ɗaya ce kawai a jikinsa. Shi da awa yake lissafi, mai aski kuwa da kai ake biyansa. Ran Juma'a mutane na jere a benci, wannan ya tashi wancan ya zauna, awa 5 ta ishi kai 20: lita biyu da rabi. Idan lita 1,000 ce a wajen 'yan bumburutu, kowane kai ya ci fetur na 125. Ran Talata kuwa ɗaiɗai suke zuwa. A tayar da inji, a jira mutum ya gama waya, wani ya leƙo ya ce yana zuwa, a bar shi yana ruri don kada a sha wahalar ja. Kai 10 sai su ci awa 4, lita 2, wato 200 cikin 300 ɗin da aka karɓa. A wata lita 64 ke nan, 64,000, ga baƙin mai da filogi na 4,000. Idan ka tattara komai 77,000 ne, abin da ya rage masa 27,000, bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba.

Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin lita ba ta kai 200 ba a gidan mai, wannan lissafi bai dami kowa ba. Na Legas ya ƙara kuɗin aski mutane suka biya suna gunaguni. Na ƙauye da ya ce 500, sai manomi ya koma wajen wanzami a yi masa ƙwalƙwal da aska a gindin bishiya, babu fetur ko ɗigo.

Janaretan yana kuma cutar kilifar. Wutarsa hawa da sauka take yi, sai ka ji kilifa na ƙara kamar za ta tarwatse, bakinta ya yi zafi ta fara cizon gashi. Mai aski ya yi ta murɗa ɗan sukurun da ke gefe, alhali laifin ba nata ba ne.

Na ce masa, “Ɗana, ka ajiye injin nan sai Alhamis da Juma'a da jajiberin sallah.” Sauran ranakun ya riƙe kilifa mai caji guda biyu, ya kai wa mai cajin waya da ke da sola. Ko 200 ake karɓa kan kowace, 400 ce a wuni maimakon 2,000, wato 35,200 ta dawo aljihunsa a wata. Ya ce, “Kawu, samari fa ƙarar inji suke bi, da fanka da kiɗa.” Gaskiyarsa, zai rasa wasu. Batirin ma yana sanyi bayan watanni, ka gane da zarar ta fara jan gashi alhali bakinta a washe yake. Amma ko kai biyu ya rasa kullum, 600 ya rasa cikin 1,600 ɗin da ya rage na fetur, ya tsira da 1,000.