Kuɗin kosiyo: a Maraɗi kunya ce ke cinye su

Da ƙanena ya tashi daga gidan haya a unguwar Ali Ɗan Sofo, jika sittin da ya ajiye na kosiyo sun tsaya a hannun mai gida. "Na sake fenti," in ji shi. Ƙanena ya ce: "To Alhaji, Allah ya sa albarka." Shi ke nan. Abin ya ci mini rai, domin ni ma an gwada mini irin haka a nan Faransa, na kuma karɓo kuɗina.

Shekara huɗu na yi a gidan, haya yuro 600, kosiyo ma 600. A nan ana cika takardar duba gida sau biyu, ranar shiga da ranar fita, ɗaki ɗaki, kowa ya sa hannu. Dokar 6 ga Yuli 1989 ta ba mai gida wata ɗaya ya mayar da kuɗin in takardun biyu sun yi daidai, wata biyu in akwai ɓarna. Nawa ya aiko da 190, ya riƙe 410.

Ban kira shi mun yi cacar baki ba. Wasiƙa na aika, irin wadda sai ya sa hannu gidan waya ke ba shi, na bi abin da ya yanke ɗaya bayan ɗaya.

Fenti, 250, nan ne rigimar take. Takardar shiga ta ce bangon falo ya riga ya dushe, har da tabo a bayan ƙofa, ga hoton da na ɗauka a ranar. Fentin da ya tsufa don an zauna a gida nauyin mai gida ne. Da huda bango na yi, ko yara suka zane shi, da sai in biya. Shara da wanki, 90: takardar fita ba ta ambaci datti ba, shi kuma bai kawo rasit ko takardar ƙiyasi ba, alhali dole ne ya nuna hujjar duk abin da ya yanke. Gilashin taga, 70, ni na fasa, na ce ya riƙe. Amsa wannan da na yi shi ya ba sauran maganata ƙarfi.

Na tuna masa cewa kowane watan jinkiri yana jawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya, wato yuro 60. Ya turo 340.

A Maraɗi muna da abin da babu a nan: mai unguwa, da dattawan da mai gida ke jin nauyinsu. Amma me za a kai musu in ba shaida? Da ƙanena ya zagaya gidan ranar shiga tare da dillali, ya ɗauki hoton bango da lambar kwantar wuta da ta ruwa, aka rubuta a takarda ɗaya, da cikin ladabi zai ce: "Alhaji, nawa aka sayi fentin, a nuna mini rasit." Yanzu ya kama gida a unguwar Zariya, kuma hotuna goma sha huɗu ya turo mini kafin ya shigar da tabarma.