Albashin Yaya bai ragu ba, nairar ce ta rage nauyi

Jiya da daddare muka yi waya da yayata, malamar firamare ce tana zaune a Pantami cikin Gombe, ni kuma ina nan Ingila shekaru kenan. Ta ce min wallahi ƙanina ni na rasa gane kan kuɗin yanzu, albashi ya shigo ko sati biyu ba a yi ya ƙare, an cire wa kuɗi albarka ne kawai, su kuma 'yan kasuwa ba tsoron Allah a ransu. Na ce Yaya maganar albarka gaskiya ce ban musa ba, amma wannan abin da yake cin albashinki yana da suna, hauhawar farashi, kuma ana iya auna shi, kuma ba mai shagon layinku bane ya ƙirƙiro shi.

Hauhawar farashi ba shine tumatir ya yi tsada da damina ba, ko masara ta tashi kafin sabuwa ta shigo, wannan mun saba da shi tun muna yara, kaka na yi sai kaga buhu ya sauko a Tudun Hatsi. Hauhawa ita ce komai ya tashi tare ya kuma ƙi dawowa, abinci da kuɗin haya da kuɗin Keke Napep da magani da sabulu da kuɗin makarantar yara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS tana bin farashin irin waɗannan kayan wata wata, sai ta gwada da na bara war haka. A Disamba 2024 ta ce 34.8 cikin ɗari, ma'ana kayan da kika saya dubu ɗari a Disamba 2023 sai kin bada wajen dubu ɗari da talatin da biyar kafin a baki su. Takardar dubu ɗayan bata canza ba, abin da take iya ɗaukowa ne ya ragu.

Nan ma inda nake an ɗanɗana fa. A Oktoba 2022 ta kai 11.1 cikin ɗari, mutane sun ji jiki sosai da kuɗin gas da lantarki, na ga makwabta tsofaffi suna kashe hita cikin sanyi saboda tsoron bil. Amma babban bankinsu yana da abin da aka ɗora masa, ya riƙe hauhawa a 2 cikin ɗari, kuma duk watan Afrilu ake sabunta mafi ƙarancin albashi. Bambancin 2 da 30 ba ƙarami bane tunda abin hawa yake kan na bara. In hauhawa tana 2 cikin ɗari, sai an yi wajen shekara 35 kafin kuɗinka ya rasa rabin ƙarfinsa. In tana 30, dubu ɗarinka bayan shekara ɗaya aikin dubu 77 take yi, shekara biyu dubu 59, shekara uku bata kai dubu 46 ba, wato kafin yaron da aka sa a aji ɗaya ya shiga aji huɗu rabin ajiyar ubansa ya tafi ba tare da ɓarawo ya shigo gidan ba.

To me ya kawo namu? Ni abu uku nake gani kuma duk a gabanmu aka yi su. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da bata kai naira ɗari biyu ba ta haura ɗari biyar cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce dubu, kuma duk mudun wake da aka ɗauko daga ƙauye zuwa cikin gari a mota ya zo, direba dole ya ƙara, dillali ya ƙara, mai awo ya ƙara. A Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a farkon 2024, mu kuma alkamar biredi da magani da kayan gyaran mota da ma wani kaso na takin zamani duk da dala ake shigo da su. Na ukun ba a cika maganarsa a majalisar hira ba, shine bashin da gwamnati ta yi ta ci kai tsaye daga babban banki, sama da tiriliyan 22 zuwa 2023, kuɗi ne aka zuba a hannun mutane alhali buhun masara bai ƙaru a gona ba, kuɗi sun yi yawa kaya basu ƙaru ba, ai dole farashi ya tashi. Ka haɗa da manoman da rashin tsaro ya raba da gonakinsu a wasu jihohin.

Shi yasa nake jin zafi in ana ɗora laifin gaba ɗaya kan ƙaramin ɗan kasuwa. Eh akwai masu ɓoye kaya su jira tsada, Allah ya shirye su, amma mai shagon nan in ya sayar da katon a farashin da ya saro shi wancan watan, gobe in ya je sari kuɗin bazai sayo masa katon ba, jarinsa ne ke narkewa. Shi ma ma'aikaci haka, an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 na 2019 zuwa dubu 70 a 2024, a baki ya fi ninki biyu, amma dubu 30 a lokacin ta fi dala 80, dubu 70 kuwa a 2024 bata kai dala 50 ba.

Wani abin da ke rikita mutane kuma, in an ce a rediyo hauhawa ta sauka sai a zata kaya zasu yi araha. A'a, motar dai rage gudu ta yi bata juya baya ba. Nan Ingila adadin ya sauko amma madara da man girki basu koma farashin 2020 ba. Ko lokacin da NBS ta ce 24.48 a Janairu 2025, yawancin saukar daga sabunta ma'aunin lissafi ne, ba wai an wayi gari an rage farashi a babbar kasuwa ba.

Inda abin ya fi taɓa Yaya shine adashinsu na makaranta, su goma ne kowa dubu 20 a wata, ita kuma kullum ita ce ɗaukar ƙarshe saboda kawaici, wai a bar masu buƙata su fara. Na ce mata mu lissafa. Ta farko ta kwashi dubu 200 ta sayi abin dubu 200. Ke sai bayan wata tara, in hauhawa tana 30 cikin ɗari a shekara, dubu 200 ɗinki aikin wajen dubu 164 zata yi, kusan zubi biyu kenan kika bayar kyauta baki sani ba, kuma zagaye nawa kika yi a haka? Shiru ta yi. Ban ce ta fita ba, adashi rufin asiri ne, abin da na ce shine su riƙa juya layin, wadda ta ɗau ƙarshe bana ita ce farko a zagaye na gaba, ko su rage tsawonsa zuwa wata biyar, in kuma ta ɗauka kar ta bar shi a asusu tana jiran ya cika, ta sayi kwanon rufin da take tarawa dominsa ko da bandir ɗaya ne. Hatsi da tumaki ma ajiya ce amma suna da nasu haɗarin, ƙwari su ci buhu, dabba ta mutu, ko farashi ya faɗi da kaka ka sayar da asara.

Ta ce zata faɗa wa uwar adashin ran Litinin, sai dai tana jin nauyi kar a ce ta fiye son kai. Na ce ta rubuta lissafin a takarda ta nuna masu su duka, tunda wadda ke ɗauka ta tara da ta takwas ma abin yana cin su.