Ba laifin fayif ba ne, laifin haɗi ne

To, kun dai ga hoton bangon banɗakinmu mai yoyo da na saka jiya. Mai gyaran famfo ya zo, ya fasa tayil, ya leƙa, ya ce "Alhaji, fayif ɗin yanzu ne ba su da kyau." Madalla da wannan bincike! Fayif mita shida lafiyarsa lau, sai daidai inda aka ɗaura shi da na jan ƙarfe mai fitowa daga hita ne rashin kyan ya tuna da shi?

Ku zo ku ga gutsuren da aka ciro. Ɗan guntun galbanayiz ne, bai kai tsawon yatsa ba, zarensa ya cinye, cikinsa ya toshe da ƙullutun tsatsa, ƙarƙashin ƙullutun kuma rami kamar hujin allura. Jan ƙarfen da ke manne da shi ko ƙwarzane babu. Shekara uku kacal.

Duk inda ka haɗa ƙarfe iri biyu, ruwa na ratsa su, batir ka haɗa. Ɗaya zai riƙa narkewa, ɗayan yana hutawa. Tutiyar da aka lulluɓe galbanayiz da ita ce take fara tafiya, sannan ƙarfen ciki ya bi. A wajen zare abin ya fi muni, domin yanka zaren ya riga ya kankare tutiyar, ya kuma rage kaurin fayif. Ga shi guntun ƙarami ne, jan ƙarfen dogo, sai duk cin ya taru a wuri guda. Ruwan zafi kuma yana ƙara masa gudu, balle na bohol mai ɗan gishiri.

Wani zai ce ai an naɗa farin tef. Tef ɗin yoyo yake tarewa, zare yana yanka shi, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Sa mitar gwajin lantarki ka gwada, za ka ji ta yi ƙara. Masu cewa a gidan kakansu haka aka yi kuma, Allah ya ja kwana.

Wallahi gyaran ba tsada. A sa mahaɗi mai roba a tsakani, ko guntun fayif ɗin roba na PPR, yadda ƙarafan ba za su taɓa juna ba, a kuma kula kada maƙalin bango ɗaya ya sake haɗa su ta waje. In dole sai an gauraya, ruwa ya fara bi ta galbanayiz kafin jan ƙarfe. In aka juya, jan ƙarfen da ya narke a ruwa yana sauka a cikin galbanayiz can gaba, kowane ɗigo ya buɗe nasa ramin. Mahaɗar kuma a bar ta a fili inda ido zai gani.

Yanzu ga ni ina yawo kasuwa da rabin tayil a leda, an ce an daina kawo irinsa. Wanda ya san mai ragowar ruwan toka mai ɗigo-ɗigo, guda takwas nake nema.