Littafin Adashe a Ɗakin Intabiyu

A shekarar 2016 na ajiye aikin akanta a wani kamfanin sayar da kayan gini a Kano saboda haihuwar fari, da niyyar in koma bayan yaye. Kafin in ankara yara sun zama uku, shekara ta zama 2023, kuma a takardar bayanin karatuna da aikina akwai ramin shekara bakwai wanda ko makaho ya shafa zai ji shi.

Da farko na cike ramin da kirari. Na rubuta cewa na riƙe muƙamin "Babbar Manajar Harkokin Gida da Sasanta Rikici". Yayata, wadda ta daɗe tana ɗaukar ma'aikata a wurin aikinta, ta karanta ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce duk wanda ya ga wannan zai gane cewa kunyar ramin nake ji. Ta sa na goge, na rubuta layi ɗaya: 2016 zuwa 2023, renon yara. A ƙarƙashinsa ta ce in sa abin da yake da adadi kuma yake da mai shaida. Nan na tuna cewa shekara biyar ni ce uwar adashen layinmu: mata 20, zubin naira 5,000 duk Juma'a, kwasar naira 100,000, kuma ba a taɓa kai ni gaban mai unguwa ba.

Ranar intabiyu na sha ado, na shiga da ƙarfin gwiwa. Mutum uku ne a teburi. Dattijon da ke tsakiya ya ce, "Malama, idan muka sayar da kayan naira 200,000, nawa ne harajin VAT a kai?"

Ban ko numfasa ba na ce, "Naira 10,000, ranka ya daɗe." Har da ɗan murmushi irin na wadda aka yi wa tambayar 'yan firamare.

Ɗakin ya yi tsit. Matar da ke gefensa ta ce a hankali, "Hajiya, wannan lissafin kashi 5 cikin ɗari ne. Tun watan Fabrairun 2020 aka mayar da shi kashi 7.5." Wato amsar naira 15,000 ce. A watan da gwamnati ta yi wannan canji ina fama da haƙoran ɗana na biyu, kuma babu wanda ya aiko mini da sanarwa. Na buɗe jaka domin in ciro biro in nuna cewa aƙalla na iya ninkawa, sai ga takalmin auta ƙafa ɗaya ya faɗo a kan teburi. Dattijon ya ɗauka ya miƙo mini da hannu biyu, kamar wata muhimmiyar takarda.

Tun da mutunci ya riga ya zube, sai na daina tattalinsa. Na ce gaskiya ne wannan canji ya wuce ni, kuma zan bi sauran dokokin harajin da suka sauya kafin in taɓa rasiɗin kowa. Sannan na ciro littafin adashe, wanda bangonsa ke da tabon koko, na buɗe shafukan farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya. A makonnin nan zubi ya koma ta waya, kuma yawancin matan da asusun mazajensu ko na masu shago suke turowa, saboda haka sunan da ke fitowa a saƙon banki daban, sunan da ke littafi daban. Na nuna musu yadda na ƙara layi uku a gaban kowane suna: wanda ya turo, ranar da kuɗin ya shigo, da ranar da na gan shi a bayanin asusu. Wata Juma'a jimilla ta tsaya a 95,000, alhali kowace mace ta rantse ta zuba. Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya har na gano cewa an cire kuɗin wata daga asusun mijinta, bai iso gare ni ba, bayan kwana biyu kuma ya koma masa, shi kuwa bawan Allah ya yi shiru da bakinsa.

Na ukunsu, wanda bai ce uffan ba tun shigowata, ya jawo littafin gabansa ya ce wannan shi ne daidaita littafi da bayanin banki, aikin da suke nema wa mutum. Ya tambayi wanda zai shaide ni, na ce mata 19, kuma in ya kira ɗaya sauran za su zo da kansu.

Bayan mako biyu suka kira ni aikin gwaji na wata uku, da sharaɗin in zauna da babban akantansu in sabunta ilimin haraji. A ranar farko matar nan ta tsaya a bakin teburina, ta waiga hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Hajiya, akwai sauran gurbi a zubin Juma'ar nan?"