Ku bar wa yara wasalinsu

Wallahi wasu mutanen sai a bar su da halinsu. Malamar Islamiyya ta zauna ta rubuta wa 'yan ajinta ɗan labarin zomo da Larabci, layi biyar kacal, don iyaye su karanta musu kafin barci, shi ke nan sai ga manyan masana sun yi mata ca. Wai babu balaga. Wai Larabcin ya yi arha. Wani ma har ya ɗauki nauyin "gyara" mata, ya share wasullan kaf, ya cusa kalmomin Larabci "kana" da "lam" a kowane layi, ya dawo yana jiran a yi masa kabbara. Sannu Sibawaihi, uban nahawu, mun ga ilimi. Amma yaron da aka rubuta wa abin shekararsa shida, kuma barci yake ji.

Ga abin da ta rubuta, don wanda bai gani ba:

خَرَجَ أَرْنَبٌ صَغِيرٌ مِنْ بَيْتِهِ.
ذَهَبَ إِلَى النَّهْرِ وَشَرِبَ.
نَزَلَ الْمَطَرُ فَرَجَعَ إِلَى أُمِّهِ.
فَرِحَتِ الْأُمُّ وَمَسَحَتْ رَأْسَهُ.
أَكَلَ وَشَبِعَ وَنَامَ.

Ɗan zomo ya fita daga gida, ya je kogi ya sha ruwa, ruwan sama ya sauko ya koma wajen uwarsa, uwar ta yi murna ta shafa kansa, ya ci ya ƙoshi ya yi barci. Fi'ili goma, duk mali ne, wato aikin da ya riga ya wuce, kuma kowane harafi da wasalinsa. Wannan ba kasawa ba ce, zaɓi ne, kuma wanda bai taɓa zama gaban yara yana biya musu karatu ba ba zai gane wahalarsa ba.

Me ya sa mali kaɗai? Saboda shi ne fi'ilin da ba ya yi wa yaro wasa da hankali. Duk wanda ya taɓa littafin nahawu na Ajurumiyya ya san ƙarshen mali a kan fataha yake zaune, babu abin da zai shigo gabansa ya girgiza shi. Yaro ya ji zahaba, nazala, akala, kunnensa ya kama kiɗan. In mace ce ta yi aikin, a ƙara harafin ta mai ɗauri, masaha ta koma masahat, magana ta ƙare. To juya ukun farkon zuwa mudari'i, wato aikin da ake ciki ko mai zuwa, ka ga ikon Allah: yazhabu da fataha a tsakiya, yanzilu da kasra, ya'kulu da rufu'a. Uku ne masu kama ɗaya a mali, sun watse gida uku, kuma mafi yawan irin wannan haddace shi ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ba a gama da wannan ba sai lan ta zo ta sa masa fataha a ƙarshe, lam ta zo ta ɗaure shi. Wannan kayan kake so a jibga wa yaro yana kwance a kan tabarma? Kuma ita tatsuniya ai dama abin da ya wuce take ba da labari. Ko da Hausa, ya tafi, ya gani, ya dawo muke cewa har a kai ga ƙurunƙus.

Na ga masu cewa ai yaro zai haɗu da mudari'i ko ba daɗe ko ba jima. To sai me? Zai haɗu da tuwon dawa ma, amma ba a fara yaye da shi.

Batun wasali kuwa, nan ne raina ya fi ɓaci. Mai gyaran nan cewa ya yi Larabawa ba sa sa wasali a jaridunsu. Gaskiya ne, amma jarida ta manya ce, kuma su kansu Larabawan littattafan 'ya'yansu na farkon firamare cike suke da wasali. Ɗan da aka haifa cikin harshen ana sa masa, sai ɗan Bahaushe ne za a ce ya yi canke? Dubi shariba a layi na biyu. Cire kasrar da ke ƙarƙashin ra, yaron da ya saba da zahaba da nazala zai ce sharaba, kuma ba shi da laifi, ƙiyasi ya yi. Haka fariha, haka shabi'a. Uku cikin goman nan kasra ce a tsakiyarsu, kuma babu abin da zai gaya masa sai wannan ɗan layin da aka share. Haruffa ukun nan كتب in babu wasali suna iya zama kataba, ya rubuta, ko kutiba, an rubuta, ko kutub, littattafai. Babba yana gane wanne ne daga jimla. Yaro bai da jimlar tukuna, ita muke ƙoƙarin gina masa. Kuma kuskuren da ya shiga bakinsa da daddare a bakin uwarsa, malami zai daɗe yana fama kafin ya fitar da shi. Mun manta uwar ma sau da yawa karatun Alƙur'ani ta iya, mai wasali, ba nahawu ba.

Don ku san malamar nan ta san abin da take yi, ku koma layi na huɗu. Farihat ta mai ɗauri ce, amma da ta ci karo da alif da lam na al'ummu sai ta sa mata kasra, farihatil ummu, saboda ɗauri biyu ba sa haɗuwa. A masahat ra'sahu kuma ta bar ɗaurin yadda yake, tunda abin da ya biyo baya mai wasali ne. Da yawa cikin masu yi mata dariya, a ba su alƙalami, a nan za su faɗi. Sannan ku lura fi'ili ɗaya ne kawai mai harafin illa a ciki, wato alif ɗin da ke tsakiyar nama, shi ma ta ajiye shi a ƙarshe inda ba zai canza ba. Ba ta kawo masha ba, wanda in mace ce zai koma mashat, harafin ƙarshe ya ɓace yaro ya tsaya yana nema.

Ban ce salon ba shi da iyaka ba. Yana da ita. Da mali kaɗai zomo ba zai iya ce wa uwarsa "ba ni" ko "zan je" ba, don haka hira takan yi ƙaranci. In ana son ya yi magana sai a bi ta jimlar suna, ƙala ana ja'i'un, ya ce ni mai jin yunwa ne. In ana son korewa a ce ma wajada, bai samu ba, a bar lam yajid sai gaba. Labarin da ya wuce layi goma zuwa sha biyu a haka zai fara gundura. To dama wa ya ce a yi dogo? Na barci ne fa.

Ni roƙona ga iyaye, kada surutun nan ya sa ku ji kunyar karanta wa 'ya'yanku abu mai sauƙi. Ku karanta layin a hankali, ku sa yatsa ƙarƙashin kalma, ku faɗi ma'anar da Hausa, gobe ku bar yaron ya ƙarasa kalmar ƙarshe, "wa nama", da kansa.

Af, tunda ana maganar wasali, masu buga wa Islamiyyu takardu don Allah ku riƙa duba irin rubutun da kuke zaɓa. Akwai wanda in shadda ta haɗu da kasra, kamar a ummihi, sai ya ɗauke kasrar daga ƙarƙashin harafi ya maƙala ta ƙarƙashin shadda a sama. Daidai ne a ƙa'ida, amma yaron da aka koya wa wasalin sama da na ƙasa fataha zai karanta. Ga ɗan makarantar allo kuma da ya saba da rubutun Warshu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ka miƙa masa fariha a bugun gabas ya ce maka ƙariha. Sannan a ƙara girman haruffan, kuma a daina hoton takarda daga hoton wata har ɗauri ya koma kamar ƙura.