Kafin ka nemi lambar buɗe wayarta

'Yan uwana matasa, musamman ku da ake shirin kai muku lefe, akwai zancen da ba a yi a wurin hira, sai an tare sannan ya fashe: wa zai taɓa wayar wa, kuma ina iyakarsa.

Wani ƙanena a nan Gusau, wata huɗu da aure, ya nemi amaryarsa ta ba shi lambar buɗe wayarta, ta ba shi ba musu. Wata rana tana wanka ya ɗauki wayar, ya shiga WhatsApp, ya taɓa ɗigo ukun nan na sama, ya zaɓi Linked devices, ya haɗa ta da kwamfutar shagonsa. Abin bai kai minti ɗaya ba. Daga ranar duk saƙon da ya shigo mata yana gani yana zaune a kasuwa. Sati uku yana bi, bai ga komai na zargi ba. Abin da ya ji kawai shi ne muryar yayarta da ke aure a Ƙauran Namoda, tana kuka tana faɗa wa ƙanwarta abin da ke tsakaninta da mijinta. Ran nan ana cin tuwo baki ya suɓuce masa, ya ce, "To ya ake ciki da maganar Yaya?" Ita kuwa ta san ba ta faɗa wa kowa ba. Ta buɗe Linked devices, sai ga sunan kwamfuta da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe. Washegari ta yi yaji, sai da kawunnai suka zauna har sau biyu.

Ku lura da wadda aka fi cuta a nan. Yayar ce, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wayar matarka ba sirrinta kaɗai ke ciki ba. Akwai na mahaifiyarta, da na ƙawar da ta turo hotonta ba lulluɓi don ta san mace ce za ta gani, da zauren matan danginsu inda ake zancen jego da rashin lafiya. Haka ke ma, 'yar uwa, wayarsa na ɗauke da bashin abokinsa da lissafin ubangidansa. Ba wanda ya ba ku izinin karanta waɗannan. Allah ya hana bin diddigi a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma bai cire ma'aurata ba. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare yana zarginsu da ha'inci ko yana neman laifinsu.

Ban ce kowa ya ɓoye lambarsa ba. A ƙasar nan tamu da mutum kan fita hanyar Funtuwa ko ta Sakkwato iyali na ta addu'a, wauta ce a ce matarka ba za ta iya buɗe wayarka ba in wani abu ya faru. Amma ku faɗa wa juna da baki amfanin lambar: kiran gaggawa, neman lambar wani, kunna wa yaro karatu. Buɗe hirar mutane ba ya ciki, sai mai wayar na zaune ya miƙa da hannunsa. Lambar banki kuma zancenta daban, kada a haɗa su.

Sai hoto. Ku yanke tun wuri ko za a ɗora fuskar amarya, ko cikin ɗaki, ko jariri. Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, amma wanda ya ɗauke shi daga fuskar wayarsa ya riƙe har abada. Akwai My contacts except... da ke ba ka damar cire wasu, sai dai mutum ɗaya cikin waɗanda ka bari ya isa ya tura wa duk gari. Ni a ganina, in ɗaya ya ce a'a, magana ta ƙare, ko da hoton ya yi kyau.

Duba ko an haɗa wayarka da wata na'ura abu ne mai sauƙi: shiga Linked devices, in ka ga na'urar da ba ka sani ba, taɓa ta ka danna Log out. WhatsApp na barin a haɗa har na'ura huɗu, don haka a duba jerin duka.

Ƙanen nawa matarsa ta dawo, har ta sake ba shi lambar. Yayar ce har yau ba ta ƙara turo saƙon murya ba. In tana da magana, sai ta jira suna ko biki ya haɗa su.